Kaya sun makara daga Sin: me zan rubuta wa mai masana'anta?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayo fankoki masu caji daga wata masana'anta a Foshan, wannan ne karo na uku. Na yi odar guda 1,200 a kan dala 24,000, na tura kafin alƙalami dala 7,200 ranar 25 ga Nuwamba 2024. Alkawarinmu shi ne a yi lodi cikin kwana 45, ciko kuma sai na ga kwafin takardar lodi. Yau 22 ga Fabrairu, ko lambar kwantena ban gani ba. Yarinyar da nake magana da ita kullum sai ta ce an kusa. Na rubuta wa mai kamfanin cewa sun ci amanata, na ba ɗan yayata da ya yi karatu a can ya mayar da ita Sinanci, ya ce in aka aika ta haka to an rabu ke nan. Ya rubuta wata mai laushi, da ya karanta mini sai na ji kamar ni ne nake ba su haƙuri. Ba na son rasa kuɗina, ba na kuma son rasa su. Me zan rubuta?

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya fito da kayan lafiya. Ɗanka ya yi gaskiya da ya hana ka aika ta farko, kai ma kunnenka bai yaudare ka ba a kan ta biyu. Duka biyun matsalarsu ɗaya: babu wadda ta ɗora wa mutumin tambayar da dole ya amsa. Ta farko za ta sa ya kare kansa ko ya yi shiru, ta biyu kuma za ta sa ya gode maka ya ci gaba da abin da yake yi. Wasiƙar da kake buƙata ita ce wadda kalmominta suke da laushi amma ranakunta da lissafinta ba sa lanƙwasuwa.

Kafin ka ɗauki alƙalami, dubi kalanda, domin a nan rabin labarin yake. Kwana 45 daga ranar da ka biya sun cika 9 ga Janairu. Sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wadda suke kira bikin bazara, ta faɗo 29 ga Janairu a 2025. Hutun gwamnati kwanaki ne kaɗan, amma masana'antu ba da shi suke aiki ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan masana'antun lardin Guangdong, inda Foshan take, 'yan ci-rani ne daga wasu larduna, sukan fara tafiya gida mako ɗaya ko biyu kafin bikin, da yawa kuma ba sa dawowa sai bayan bikin fitilu na rana ta 15, wanda ya kama 12 ga Fabrairu. Wasu ma ba sa dawowa wurin da suka bari. Fanka kuma ba a gida ɗaya ake gama ta ba: batir daga wani kamfani yake zuwa, inji daga wani, kwali daga wani. In mai batir ya rufe kafin ya kawo, sai a zauna da gangar fanka dubu ba a iya rufe ko ɗaya. Wannan bai wanke su ba, domin sun san ranar bikinsu tun kafin su karɓi kuɗinka. Amma ya nuna maka cewa abin da ya fi yiwuwa shi ne odarka ta zame ta faɗa cikin hutun, kuma yanzu akwai layin masu jira. Wanda za a fara sallama a layin nan shi ne wanda ya fi bayyana abin da yake so a fili, kuma ba a jin nauyin amsa masa.

Yanzu maganar cin amana. Na taɓa zama a ofishin wata masana'anta ina jiran a kawo mini samfuri, wata ma'aikaciyar sashen ciniki ta buɗe saƙon wani baƙon ɗan kasuwa. Na ga fuskarta ta yi ja, ta karanta sau biyu, ta rufe, ta koma kan wani aiki. Da na tambaye ta ko lafiya, ta ce ya kira su maƙaryata kuma ya saka maigidanta a cikin masu karɓar saƙon, yanzu ba ta san abin da za ta ce wa kowannensu ba. Har na tashi ba a amsa masa ba. Sinawa suna da kalmar 面子, ma'anarta ta zahiri fuska, amma abin da ake nufi shi ne mutuncin mutum a idon jama'a. Ba baƙon abu ba ne a wurinka, kai ma ka san bambancin a ja ka gefe a ce "Alhaji, maganar nan fa", da a ɗaga maka murya a gaban yaranka. Wanda aka kunyata a rubuce ba shi da hanyar faɗin gaskiya, domin duk abin da ya faɗa ya zama amsa laifi. Magana kuma zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka aika.

Don haka wasiƙar ta tafi ga mai kamfanin, amma ka gaya wa yarinyar tukuna cewa za ka rubuta, kuma kada ka ambaci laifinta a ciki. Ita ce za ta je ɗakin aiki ta ƙirgo maka kwalaye, kana buƙatarta a ɓangarenka.

Ga abin da zan rubuta da ni ne kai. Na ɗauka sunan gidan mai kamfanin Wang, lambar takardar farashinku PI-1125, ranar aikawa kuma 24 ga Fabrairu, sai ka sauya da na gaskiya.

"Shugaba Wang, barka da aiki. Ina yi wa kamfaninku fatan ciniki mai albarka a sabuwar shekara, kuma ina godiya da hulɗar da muka yi a baya. Game da oda mai lamba PI-1125, fankoki masu caji guda 1,200 a kan dala 24,000: mun biya kashi 30 cikin ɗari, dala 7,200, ranar 25 ga Nuwamba 2024, kuma mun yi yarjejeniyar loda su a jirgi kafin 9 ga Janairu 2025. Zuwa yau 24 ga Fabrairu ba mu sami sanarwar lodi ba. Mun san aiki yana cunkushewa kafin biki da bayansa. Da yake masu saye a wurinmu suna matsa mana, muna roƙon ka tabbatar mana da abu uku kafin Alhamis 27 ga Fabrairu: guda nawa aka kammala zuwa yanzu, tare da hoto, ranar da za a kammala duka, da sunan jirgi da ranar tashinsa. Idan ba za a iya fitar da su a lokaci ɗaya ba, za mu karɓi waɗanda aka kammala a loda su kafin 10 ga Maris. Da zarar mun ga kwafin takardar lodi za mu biya cikon da ya dace da su. Muna fatan ci gaba da hulɗa."

Ga ta kuma yadda ya kamata ta fito da Sinanci, domin ɗanka ya gwada da tasa:

```
王总：
您好！祝贵司新年生意兴隆，感谢一直以来的合作。
关于PI-1125订单（充电风扇1200台，总金额24,000美元），我司已于2024年11月25日支付30%预付款7,200美元，约定2025年1月9日前装船。截至今日（2月24日），我司尚未收到装船通知。
我们理解春节前后生产紧张。因我方客户催货，麻烦您在2月27日（星期四）前确认以下三点：
1. 目前已完成多少台？请发现场照片。
2. 全部完成的具体日期。
3. 船名及开船日期。
如无法一次出完，我司可接受3月10日前先装已完成部分。收到提单副本后，我司即付相应尾款。
期待继续合作。顺祝商祺！
```

Ka lura babu inda aka ce "kun saɓa alkawari". An ajiye ranar alkawari, an ajiye ranar yau kusa da ita, an bar shi ya yi lissafin da kansa. Kwana 46 ne a tsakani, kuma ya fi ka sanin haka. An kuma ce "ba mu sami sanarwa ba", ba a ce "ba ku aiko ba". Gaskiyar ɗaya ce, amma ta farko ba ta nuna kowa da yatsa.

Jimlar da ta ce mun san aiki yana cunkushewa ita ce wadda za ka ji kamar ka sassauta da yawa. Ka bar ta, amma kada ta wuce jimla ɗaya. Aikinta shi ne ta buɗe masa ƙofar da zai bi ya faɗi gaskiya ba tare da ya zubar da girmansa ba: yana iya cewa e, mai batir ne ya makara, an gama 700, saura 500. Ina zaton a nan wasiƙar ɗanka ta zame. Mai fassara da ya ji tsoron ɓata wa babba rai yakan tara "yi haƙuri da damun ka da na yi" da "in ka sami sarari" har ranar da ake nema ta nutse a ciki. Haka kuma maganar cewa masu saye suna matsa maka tana da amfani biyu. Gaskiya ce, sannan tana ɗauke matsin daga tsakaninku ta ɗora shi a kan wani na uku, sai ku zama kai da shi kuna neman mafita tare.

Wajen fassarar kanta, ga wuraren da zan so ka zauna da ɗanka ku duba da ido.

Kiran suna shi ne na farko. Sinawa suna fara faɗin sunan gida kafin sunan yanka, kuma a harkar kasuwanci ana haɗa sunan gida da muƙami. 王总 na nufin Shugaba Wang, ana faɗa wa mai kamfani ko babban darakta. In manaja ne, sai a ce 王经理. Kiran babba da cikakken sunansa tsirara yana da kaushi. Sannan Sinanci yana da "kai" iri biyu: 你 na yau da kullum da 您 na girmamawa, kamar yadda za ka ce wa dattijo "kun tashi lafiya". Duk wasiƙar ta tafi da 您. Kamfaninsu 贵司 ne, wato kamfaninku mai daraja, naka kuma 我司. Kalmar 麻烦您 da ta zo kafin buƙatun uku tana kusa da "don Allah a taimaka", tana da ladabi amma ba ta rage wa buƙatar ƙarfi. Abin da za a guje wa shi ne 必须, wato "dole ne", da 你们为什么, wato "me ya sa kuka". Waɗannan na tuhuma ne. A ɗaya gefen kuma a guji 尽快, wato "da wuri-wuri", domin kalma ce da ba ta da rana. Ita ce 'yar'uwar "an kusa" da ake ta faɗa maka, kada kai ma ka mayar musu da ita.

Na biyu ya fi wannan haɗari, domin kuɗi ne a ciki. Mu da "turo kaya" muke gama magana, amma a can matakai ne daban-daban kuma kowanne da sunansa. 发货 na nufin an fitar da kaya, kuma yana iya zama daga masana'anta zuwa siton ejan kawai, a cikin garin. 装柜 shi ne an cika kwantena. 装船 shi ne an ɗora ta a jirgi. 开船 kuma jirgin ya tashi. In mai fassara ya rubuta 发货, za su iya amsa maka da gaskiyarsu cewa an riga an yi, alhali kwalayenka suna jibge a sito ba a ko nemi gurbi a jirgi ba. Shi ya sa na yi amfani da 装船 da 开船. Amma ka buɗe takardar farashinku ka ga abin da aka rubuta a kan kwana 45 ɗin. In kammala ƙera kaya aka ce ba lodi ba, to ka gyara jimlar ta dace da takardar, domin kuskure ɗaya a nan zai ba su abin kamawa su bar ainihin maganar. Ka duba kuma wa ke da alhakin neman jirgi. In a kan sharaɗin FOB kuka yi, wato kuɗin jirgi a kan mai saye yake, kai ko ejan ɗinka ne ke kama gurbi, don haka tambaya ta uku ta koma: yaushe kaya za su kasance a shirye domin ejan ya turo kwantena.

Sai kalmar kafin alƙalami, wadda a kanta nake so ka fi natsuwa. Akwai kalmomi biyu da ake furta su iri ɗaya sak, rubutunsu ne ya bambanta: 定金 da 订金. Ta farko kalmar shari'a ce. A dokar hulɗar jama'a ta Sin da ta fara aiki 1 ga Janairu 2021, kuɗin da aka ba da da wannan suna jingina ne: in wanda ya bayar ya karya yarjejeniya har manufarta ta rushe, ya rasa kuɗinsa, in kuma wanda ya karɓa ne ya karya, zai mayar ninki biyu. Dokar ta kuma iyakance shi ga kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin, wato dala 4,800 a odarka. Ta biyun kuwa a al'ada ana ɗaukarta kuɗin somin-taɓi ne kawai. In ɗanka ya rubuta 定金 alhali ba ita ce a takardarku ba, mai kamfanin zai iya karanta ta a matsayin hannunka-mai-sanda cewa kana shirin kai ƙara, kai kuwa ba ka ma san ka faɗa ba. Saboda haka na zaɓi 预付款, wato kuɗin da aka biya tun gaba, wadda ba ta ɗauke da barazana. In takardarku tana da Sinanci a jikinta, a kwafo kalmar da ke ciki daidai.

Ranaku a rubuta su yadda suke rubutawa, shekara, wata, sannan rana, da alamominsu. "10/3" a wurinka 10 ga Maris ne, a wurinsa 3 ga Oktoba. Kuɗi kuma a bar su da lambobi, a rubuta 美元 a gefe domin a san dalar Amurka ce. Sinawa suna ƙirga manyan kuɗi da dubu goma-goma, 万, har dala 24,000 takan zama 2.4万 a bakinsu, kuma a nan sifiri yakan ɓace wa mai fassara. Abu na ƙarshe ƙarami ne: a yi amfani da sauƙaƙan haruffan da ake rubutu da su a babban yankin Sin, ba na gargajiya irin na Hong Kong da Taiwan ba.

Idan ya gama, kada ka tambaye shi "ta yi daidai?", domin zai ce ta yi. Ka ce ya karanta maka Sinancin ya mayar da shi Hausa jimla-jimla ba tare da ya kalli takardarka ba, ko ma wani daban ya yi in akwai. Kai kuma ka riƙe alƙalami kana duba abu huɗu: 9 ga Janairu, 27 ga Fabrairu, 10 ga Maris, da tambayoyin nan uku. In ɗaya ya ɓace ko ya koma "in da hali", a sake. In cinikinku da Turanci kuka saba yi, ka sa Turancin a ƙasan Sinancin a saƙo ɗaya, domin takardunku da shi aka rubuta.

Tayin raba kaya biyu fa ka auna shi kafin ka aika. Lodi biyu kuɗin jirgi biyu ne da kuɗin fito biyu. In ribar ba za ta ɗauka ba, cire jimlar, ko ka ƙara cewa kuna fatan kamfaninsu zai ɗauki ƙarin kuɗin lodi na biyu. Ni dai na fi son a bar ta, domin tana gwada gaskiya. Wanda yake da kaya 700 a ƙasa zai yi wuf ya karɓa don ya sami ciko. Wanda ya kauce mata ba tare da dalili ba, akwai alamar bai fara aikin ba.

Ka aika ta imel domin ta zama hujja a ajiye, da take gajere mai lambar oda, sannan ka sa a tura masa layi ɗaya ta manhajar saƙo ta WeChat cewa an aiko saƙo, don Allah ya duba. 'Yan kasuwar can sun fi zama a kan WeChat nesa ba kusa ba, imel yakan kwana biyu ba a buɗe ba. Sin tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7, don haka in ka aika da daddare kafin ka kwanta, zai same ta da safiyarsa. In ka bari sai ka fito kasuwa da hantsi, su suna shirin tashi.

Amsar da za ta zo, ka karanta ta da idon ɗan kasuwa. 没问题, "ba matsala", da 快了, "an kusa", da 尽快安排, "za mu shirya da wuri", duk gaisuwa ce, ba amsa ba. Amsa ita ce adadi, da rana, da hoton kwalaye masu ɗauke da alamarka a jiki, ba hoton fankoki a kan layin aiki da kowa zai iya cewa nasa ne ba. In sun ce an yi lodi, nemi lambar kwantena. Haruffa huɗu ne da lambobi bakwai, kuma kana iya saka ta a shafin kamfanin jirgin ka ga inda take. In kuma saƙo ya zo yana cewa a tura ciko a wani sabon asusu, kada ka tura ko sisi sai ka kira su ta lambar da ka sani tun da ka ji daga bakinsu, domin 'yan damfara sukan kutsa cikin irin wannan musayar daidai lokacin da ake jiran biya.

In Alhamis ta wuce shiru, ko aka amsa da gaisuwa, ka sake rubutawa ranar Juma'a, layi huɗu kacal, da 王总 da 您好 ɗin nan dai. Ka ce ba ka sami amsar abu ukun ba, kana so ka turo wani ya ziyarci masana'anta ya ga kayan a mako mai zuwa, wace rana ce ta fi musu. Ejan ɗinka na Guangzhou zai iya zuwa Foshan ya dawo a yini ɗaya, garuruwan a manne suke har jirgin ƙasa na cikin gari ya haɗa su. Sai in sun ƙi ziyarar, ko an je an tarar ba kaya, sannan za ka rubuta ta uku, wadda za ta ambaci rana ta ƙarshe da neman a mayar da dala 7,200, ka kuma nemi su amsa a rubuce da jan hatimin kamfani a jiki, domin a Sin hatimin nan shi ne ke ɗaure kamfani. Wannan ta ukun kada ka aika ta sai wanda ya san dokar ciniki ta can ya duba takardarku tukuna.